Mai jegon da aka ce iska ta shafe ta: nazarin wani lamari daga Jos

Ranar da aka kawo ta ɗakin da nake duba marasa lafiya, kwananta 14 da haihuwa. Lokacin hunturu ne, irin sanyin Jos da ke sa mutum ya ƙi taɓa ruwa, amma ita ko kallabi ta ƙi bari a kanta. Shekarunta 22, haihuwar fari, amarya ce a gidan mata biyu, kuma ta koma gidan iyayenta a Unguwar Rogo wankan jego. Mutum uku suka rako ta: mahaifiyarta, mijinta, da wata gwaggonta. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma na sauya wasu bayanai don kada a gane gidan. A wuyan hannayenta duka biyu akwai shatin igiya, idanunta sun yi jajir, tana tari.

Kafin in buɗe baki mahaifiyar ta riga ni. Ta ce, “Likita, mu mun san abin da ke damunta, iska ce. Mun zo ne ki ba ta abin barci kawai, malamai na kan aikinsu.”

Shekarun baya da na soma aiki, da a nan zan fara gardama. Yanzu na san cewa duk wanda ya ce ya san abin da ke damun majinyaci, yana ɗauke da labarin da nake buƙata. Sai na ce, “Mama, ki faɗa mini yadda kika gane. Daga wace rana, kuma me kika fara gani?”

Ta zayyana mini tiryan-tiryan. Kwana 5 da haihuwa yarinyar ta daina barci, amma ba ta nuna gajiya. Ranar suna ta yi ta surutu da waƙe-waƙe, tana rabar da turamen zannuwan da aka kawo mata, mutane suka ɗauka murna ce. A kwana na 9 ta ƙi karɓar jaririn, ta ce ba nata ba ne, an musanya shi. Ta ce wata tsohuwa na yi mata magana daga bayan ƙyaure. Wani lokaci ta dawo hayyacinta ta gaisa da kowa lafiya lau, bayan sa'a biyu kuma ta rikice ta kasa gane ƙanwarta. Dalili a wurin mahaifiyar a bayyane yake: ana gobe za a fara, da magariba, mai jegon ta fita ba ɗankwali ta watsa sauran ruwan wanka mai zafi a bakin kwata, ba ta yi bisimilla ba. Gwaggon kuwa nata bayanin daban ne. Ta ce asiri ne, kuma kowa ya san wadda ba ta yi farin cikin zuwan ɗa namiji ba. Mijin dai kansa na ƙasa.

Na ci gaba da tambaya a cikin harshensu. Ina tsoron me iskar za ta yi mata? Me aka gwada? Wa ya yi? Shin an taɓa ganin irin wannan a dangi? Nan mahaifiyar ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Ai iskar gidanmu ce. Ƙanwata ma ta yi haka a haihuwarta ta biyu, sai da aka kai ta ƙauye wata huɗu.” Da na tambaye ta kai tsaye ko akwai mai taɓin hankali a danginsu, na tabbata cewa za ta yi babu, kuma ba ƙarya take nufi ba, don a wurinta ƙanwarta ba ta taɓa hauka ba. Wannan jimla guda ta ba ni abu mafi nauyi a cikin tarihin ciwon, domin cutar da nake zargi tana bin jini.

Abin da aka gwada kashi biyu ne, kuma ya kamata a raba su. Da farko limamin masallacin unguwarsu ya yi mata ruƙiyya kwana huɗu, karatun Alƙur'ani da tofi a ruwa. Da ba a ga sauƙi ba, gwaggon ta ɗauko wani mutum daga wajen gari. Shi ne ya sa aka ɗaure ta, ya turara mata hayaƙi mai barkono a ɗaki rufe, ya yi ta tsawa yana cewa aljanin ya faɗi sunansa, ya kuma bar wani gari a ƙunshi a dama mata. Daren da ya biyo baya aka tarar da ita tsaye a bakin rijiyar gidan da jaririn a hannu. Wannan ne ya sa mijin ya ce asibiti za a tafi ko da wa zai ɓata rai.

Aikin farko ba na ƙwaƙwalwa ba ne. Mace mai jego da ta rikice, sai an fara kore cututtukan jiki da ke iya kashe ta cikin kwana biyu. Na auna zafin jikinta, 37.1. Hawan jini 120 bisa 80, fitsari ba furotin, don haka ba jijjigar haihuwa ba ce, wadda kan iya zuwa ko bayan an sauka. Mara ba ciwo, jinin biƙi ba wari, nono bai kumbura ba. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, sukari daidai, jininta ya ɗan yi ƙasa amma ba na ƙari ba. Na saurari ƙirjinta da kyau, saboda hayaƙin da ta shaƙa, da kuma ciwon zuciyar masu jego da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa, wanda likitoci a Zariya suka danganta da yawan kunun kanwa da zafin wanka. Na kuma karɓi ƙunshin garin nan na ajiye. Ban san abin da ke ciki ba, kuma wannan shi ne matsalar: zaƙami kaɗai ya isa ya sa lafiyayye ya ga abin da babu, bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe. Nata idon bai nuna haka ba, kuma ciwon ya riga garin zuwa da fiye da mako guda.

Abin da ya rage shi ne rikicewar hankali ta bayan haihuwa. Tana samun mace ɗaya zuwa biyu a cikin kowace haihuwa 1,000, yawanci a makonni biyun farko. Daban take da ɗan kukan da ɓacin ran da mata da yawa kan yi a kwana na uku zuwa na biyar ya wuce da kansa, daban take kuma da ciwon damuwa mai shigowa a hankali cikin makonni. Wannan tana zuwa da sauri, tana farawa da rashin barci, tana sauya kama daga safe zuwa yamma, kuma wannan sauyin ne ke sa iyali su ce “yana hawa yana sauka”. Haɗarinta a kan rai biyu ne, uwa da jariri. Amma tana daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani.

Ga abin da na faɗa wa mahaifiyar, kuma na daɗe ina gyara waɗannan kalmomi kafin su zauna mini. “Mama, ni Musulma ce, ban musa akwai aljanu ba. Amma gaibu ba fagena ba ne, ba ni da abin auna shi. Abin da na sani shi ne, waɗannan alamu da kika lissafa, a wannan lokaci na jego, na sha ganinsu, suna da suna a wurinmu, kuma suna da magani. Ba na ce ki bar addu'a ba. Ina roƙon ki ba ni mako biyu a kwantar da ita, a haɗa biyun.”

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi da na guje wa. Ta farko in ce mata babu wata iska, camfi ne. Da na faɗi haka, da ta yi mini godiya cikin ladabi ta kwashe 'yarta, ba zan sake ganinsu ba sai wani abu ya faru. Ban da haka, bayanin iska yana yi wa yarinyar wani aiki da nawa bayanin ba ya yi. Wadda iska ta shafa abin tausayi ce, ana zuwa dubiya, ana jiran ta warke. Wadda aka kira mahaukaciya kuwa aurenta na rawa, har ƙannenta mata sai sun ji a jikinsu ranar da aka zo neman aurensu. Uwar da ta riƙe kalmar iska tana kare 'yarta ne da abin da take da shi. Hanya ta biyu ita ce in bi su, in ce wannan ƙwaya tana korar aljani. Na ji abokan aiki suna faɗin haka don a samu a sha magani. Ƙarya ce, kuma tana da ranar biya: duk ranar da wani ya ce aljanin ya fita, maganin ya gama aikinsa ke nan a idonsu, sai a watsar.

Suka yarda. Aka kwantar da ita, mahaifiyar na jinya. Jaririn yana wurin ƙanwar mai jegon, ana kawo shi da rana ya sha nono a gaban nas, ba a barin su su kaɗai ko na minti ɗaya. Da dare madara ake ba shi, domin barcin uwar shi kansa magani ne. Na fara ta da haloferidol, miligiram 5 safe da dare, saboda shi ne mai araha kuma kuɗin mijin sun tafi a hidimar suna da masu magani.

A nan na yi kuskuren da ya sa na rubuta wannan nazari. A rana ta uku da yamma aka kira ni da gaggawa. Na tarar wuyanta ya murɗe gefe guda, idanunta sun kafe sama sai fari ake gani, harshenta ya fito, muryarta ta sauya. Mahaifiyar na salati da ƙarfi, gwaggon ta riga ta naɗe tabarma tana cewa, “Kun gani ko? Ya tashi. Ba ya son maganin asibiti, kashe ta zai yi.” Masu jinyar gadajen kusa duk sun taru, kuma babu wanda ya yi shakkar abin da yake gani.

Wannan ƙagewar tsoka ce da haloferidol da ire-irensa ke haddasawa, galibi a kwanaki biyar na farko, kuma ta fi kama matasa. Na san da ita sarai, amma ban gargaɗe su ba. Na yi ta dogon bayani a kan aljanu da gaibu, na manta in ce musu maganin nan na iya murɗe wuya ya juya ido. Duk wanda ya taɓa zama wurin ruƙiyya ya san cewa juyewar ido da sauyin murya su ne ainihin abin da ake kira tashin aljani. Da hannuna na ba su hujjar da ta fi kowace ƙarfi.

Abin da ya cece mu shi ne na faɗi abin da zai faru kafin ya faru. Na riƙe hannun mahaifiyar na ce, “Mama, wannan daga maganina ne, laifina ne da ban gaya miki ba. Zan yi mata allura yanzu. Ki dubi agogon can, kafin a kira magariba wuyan zai saki. Idan bai saki ba, ki ce ban san aikina ba.” Aka yi mata furometazin miligiram 50. Cikin kusan rabin sa'a wuyan ya saki, idon ya dawo, ta nemi ruwa. Mahaifiyar ba ta ce komai ba, amma ta warware tabarmar. Washegari na sauya ta zuwa olanzafin, miligiram 10 da dare. Ya fi tsada, amma bai cika kawo wannan matsala ba, kuma kaɗan ne ke shiga nono. Wannan karon na zaunar da su na lissafa: zai sa ta barci, zai buɗe mata ciki ta yi ƙiba, a lura ko jaririn na yawan barci ko kasa tsotso. Tun daga ranar ban sake rubuta haloferidol ba tare da na kwatanta wa iyali murɗewar wuya da jikina ba.

Na nemi mijin ya gayyato limamin da ya fara yi mata ruƙiyya. Dattijo ne mai natsuwa, ya zo yana ɗari-ɗari, da alama ya zaci faɗa za a yi masa. Na gaishe shi, na ce, “Allah gafarta Malam, taimako nake nema.” Na nuna masa shatin igiyar. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce shi bai san an kai ga haka ba, kuma babu inda aka ce a turara wa mara lafiya barkono. Shi da kansa ya kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Wannan magana daga bakinsa ta fi tawa nauyi sau goma a kunnen mahaifiyar, shi ya sa ban riga shi faɗa ba.

Muka yi yarjejeniya a kan ayyuka, ba mu taɓa batun aƙida ba. Zai riƙa zuwa bayan la'asar ya yi karatu na kamar minti ashirin, da murya ƙasa-ƙasa, mahaifiyar na zaune. Ruwan tofi da zamzam ba ni da matsala da su muddin ruwan mai tsabta ne. Ba duka, ba ɗauri, ba hayaƙi, ba karatun dare da zai hana ta barci. Ba garin da ba a san abin da ke ciki ba, har da sanamakki da ake bayarwa don a wanke sihiri daga ciki, domin gudawa ga mai shayarwa da ba ta ci sosai ba haɗari ce. Abu ɗaya muka ɗan ja a kai, wato yi wa aljani magana ta bakinta. Na bayyana masa cewa mutumin da ke jin muryoyi, idan aka tsare shi ana tambayar “wane ne kai, me kake so”, zai amsa, kuma kowace amsa tana ƙara kafa masa abin a zuciya. Ya yi shiru, sannan ya ce karatun shi ne asali, tambayar ba dole ba ce. Ya bar ta.

Wannan haɗin kai ba ni na ƙirƙiro shi ba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama da danginsu a gidajen mutanen ƙauye, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2020 aka wallafa sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar majinyata a wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a suna ba da magani. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa haɗin sun fi samun sauƙi. Sai dai haɗin kai na da iyaka. Mutumin hayaƙin ban neme shi ba, kuma na gaya wa mijin a fili cewa abin da aka yi wa matarsa cutarwa ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin kada a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi.

Batun kishiya ne ban iya warwarewa ba. Iska ba ta da gida a unguwa, amma wadda ake zargi da asiri tana da ɗaki da 'ya'ya. Na gaya wa mijin, a gaban gwaggon, cewa wannan cuta na kama matan da ba su da kishiya, da matan ƙasashen da ba a san kishiya ba, kuma ga ƙanwar mahaifiyarta ta yi irinta. Limamin ya ƙara da nasa, cewa zato ba hujja ba ne kuma zunubi ne a ɗora wa mutum sihiri ba shaida. Mijin ya gamsu. Gwaggon ba ta gamsu ba, kuma na ji daga baya cewa har yau ba ta gaisawa da uwargidan. Wannan yana damuna, don matar ba ta taɓa shigowa ɗakina ba amma ta ɗauki rabonta na ciwon.

A rana ta shida da fara olanzafin mai jegon ta yi barcin sa'a bakwai. A ta goma ta karɓi jaririn da kanta, ta daɗe tana kallonsa, ta fashe da kuka ta ce wa mahaifiyarta, “Inna, me na yi masa?” Aka sallame ta bayan kwana 19, da sharaɗin za ta ci gaba da magani aƙalla shekara guda, ta riƙa zuwa duk wata.

Wata uku bayan haka, da azumi, limamin ya kira lambar ɗakinmu. Ya ce mijin ya zo masa da maganar a sake ruƙiyya, don kwana uku ke nan ba ta barci, ta fara yawan magana. Ya tambaye shi ko tana shan magani, ashe ta bari tun kafin azumi. Ƙiba ta dame ta, gwaggon ta ce ai an riga an rabu da abin, ita kuma ta ɗauka shan ƙwaya ba ya haɗuwa da azumi. Malam ya ce masa zai zo ya yi karatu, amma sai sun fara zuwa asibiti. Rashin barci na dare uku yana cikin alamun da na roƙe shi ya turo mana duk wanda ya gani da su, tare da zazzaɓi, jijjiga, ƙin abinci, da maganar kashe kai ko cutar da yaro. Da yake an zo da wuri, ba sai da aka kwantar da ita ba. Na nuna mata cewa maganin na dare ne, bayan buɗa-baki za ta sha. Malam kuma ya gaya mata cewa mara lafiya da mai shayarwa suna da rangwame, ta bar tashin sahur na wannan shekarar ta rama daga baya. Cikin mako guda barcin ya dawo.

A zuwanta na ƙarshe mun zauna da ita da mijin a kan haihuwa ta gaba. Na gaya musu gaskiya: macen da ta taɓa yin wannan, yiwuwar ya dawo mata a wani jegon tana da yawa, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Suka zaɓi tazarar shekara biyu. Na rubuta mata takarda ta ajiye tare da katin awo, cewa duk ranar da ta samu ciki a sanar da mu, a fara magani tun daren da ta haihu, a kuma samu wadda za ta karɓi jaririn da dare a makonni biyun farko. Mahaifiyar, wadda ta rako su, ta ce ita za ta karɓa. Ta ƙara da cewa wannan karon ita da kanta za ta riƙa zubar da ruwan wankan, kuma ba za a bar yarinyar ta fita da magariba ba. Na ce hakan ya yi, na rubuta sunanta a takardar a matsayin mai kula da dare.